Shafuka Ɗari Biyu da Sha Huɗu na Glenys

Des Radford ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Burnie, kuma bai taɓa sakin kwantena a kan kowa ba. Amma ka ajiye shi gaban kwamfuta, sai ya koma kamar wanda aka miƙa wa jariri. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni na yi ritaya daga ofishin da nake kula da na'urori, shi ya sa yake kirana Injiniya, ni kuma ina ce masa Tsoho, ko da yake shekara biyu kacal ya ba ni.

Matarsa Glenys ce mai kwamfutar. Mace ce da ba ta san rufe shafin intanet ba. In ta nemi yadda ake dama jam ɗin ƴaƴan itacen kwins, sai ta buɗe shafi shida a burauza ta bar su, gobe ta ɗora na tsiron tumatir a kai. Ranar da ta faɗi a kicin ta rasu, cikin watan Agusta, kwamfutar tana buɗe a kan teburin cin abinci. A haka Des ya bar ta wata bakwai, jone da wuta. Duk sanda ta nemi sabuntawa sai ya danna "anjima", yana huci kamar an zage shi.

Wata safiya ya leƙo ta katanga.

"Injiniya, zo ki ga. Abin nan ya yi ciki."

Ya yi kuwa. Batirin ya kumbura har ya ɗago madannai. Na ce masa wannan wuta ce ke jiran ranarta, dole a kashe ta a kai wajen masu karɓar tsofaffin na'urori, a sayi wata.

"Ba za a kashe ba," ya ce. "Abubuwanta na ciki."

Na ɗauka hotuna yake nufi, na ce zan kwashe. Ya ce ba hotuna ba, ya nuna saman allon, inda shafukan suka matsu har ba a ganin sunan ko ɗaya, sai ƴan tsaga kamar haƙoran mataji.

"Wannan ai mai sauƙi ne," na ce. Har yau ina jin haushin kaina kan wannan magana.

Na koma gida na rubuta wa kwamfuta gajerun umarni biyu. Na farko yana tambayar burauza shafukan da ke buɗe, ya bi su daga hagu zuwa dama, ya rubuta sunan kowanne da adireshinsa a layi ɗaya cikin fayil. Na biyu yana karanta fayil ɗin layi-layi, ya buɗe kowane adireshi a sabon shafi. Na kawo su a filashi, na saki na farko. Kafin shayi ya tafasa, layi ɗari biyu da sha huɗu sun fito.

Des ya sa tabarau. "Shi ke nan? Duka sun shiga cikin wannan ɗan abin?"

"Duka."

"Kin adana su?"

"Na adana, Tsoho. Ka daina kallona kamar ɓarauniya."

A gidan su Des, adanawa na nufin abin da Glenys take yi wa kwins: a zuba a kwalba, a rufe, baɗi a buɗe a same shi yadda aka bar shi. A wajena kuwa adana shafi shi ne rubuta adireshinsa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Na ga akwai shafi a gaba mai ɗan rubutu, amma na kawar da ido, don ba a leƙa wa mamaciya allo. Muka kwashe hotuna, muka share tsohuwar, muka kai ta.

Ranar Asabar aka kawo sabuwa. Na saki umarni na biyu, shafuka suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, fanka tana nishi. Wasu suka nemi kalmar sirri. Goma sha ɗaya sun mutu, ba shafin a wurin kuma. Na labarai suka kawo labaran yau. Des yana tsaye a bayana yana cewa, "Wannan ba haka yake ba. Me ya sa ya san yau Asabar? Ai tun Agusta yake."

Na yi bayani sau biyu. Sau na uku ni kaina na fara ruɗewa.

"Nemo min na rawa," ya ce.

"Wace rawa?"

"Na zauren unguwa, Injiniya. Mai akwati."

Layi na ɗari biyu da tara ne. Shafin ƙungiyar rawar tsofaffi ta ranar Alhamis, da akwatin aika saƙo a ƙasa. Akwatin fari fat.

"Ina rubutun?"

Na juyo na dube shi. "Wane rubutu?"

"Nata. Tana cikin rubuta musu ne ta tashi ta shiga kicin. Kullum da safe sai na karanta." Ya faɗe shi a haddace: "Barka dai. Ina so in zo ranar Alhamis. Mijina Des ya ce ba zai zo ba, amma."

"Amma me?"

"To ni ma shi nake tambaya wata bakwai!"

Na zauna. Na gaya masa gaskiya: abin da mutum ya buga a akwati bai aika ba, ba ya cikin adireshi. A tsohuwar na'urar yake, wadda ni da hannuna na share.

"Kin ce duka."

"Na ce."

"To dukan me kika adana?"

Kunya ta hana ni ɗaga kai, sai na buɗe fayil ɗin jerin na juya masa allon, don kawai in ba shi wani abu. Ashe bai taɓa sanin abin da ke sauran shafukan ba. Tsoro yake kada ya danna wani na rawar ya gudu. Ya bi layukan da yatsa, yana tsaki wajen tumatir, har ya zo ƙasa. Bayan na rawar saura biyar. Lokacin bas na yammacin Alhamis. Maganin ciwon gwiwa. Wani bidiyon koyon takun rawa ga wanda bai taɓa yi ba. Sai shafi biyu na takalmin rawa na maza, baƙi, lamba sha biyu.

Ya dubi ƙafarsa.

Na ce masa sabon shafi yakan buɗe ne a dama, amma ana iya jan shi a sauya masa wuri, don haka ba zan rantse cewa su ne na ƙarshe da ta buɗe ba. Bai ma saurare ni ba.

"Kai, wannan mata," ya ce. "Na ce mata ba zan je ba."

Ya janyo kwamfutar, ya koma shafin rawar. Da yatsa ɗaya ya buga maganarta, harafi-harafi, har ya kai "amma". Ya tsaya a nan.

"Injiniya, in na bar shi haka, abin naki zai adana?"

"A'a. Adireshi kawai yake ɗauka."

"To yaya ake yi kada ya ɓace?"

"Sai an aika."

Ya goge tabarau da gefen rigarsa, ya mayar. Ya ƙara kalma biyu, "zai zo", ya sa sunan Glenys a ƙasa, ya danna maɓallin aikawa.