Wasiƙar da Ba a Buga wa Hatimi Ba

Shagon Baba Maɓalli bai fi taku huɗu ba daga ƙofa zuwa bango, amma babu launin da Allah ya halitta da ba za ka same shi a ciki ba. Zare ne jere a kan katako, daga fari har baƙi, ga zif a rataye, ga kwalaben maɓalli da rana ke shiga cikinsu da hantsi ta yi wasa. Shekara talatin telolin layin suna shigowa da ƙyalle a hannu, ya dube shi sau ɗaya ya miƙo zaren da ya dace. Ba ya rantsuwa a ciniki. In ya ce gobe, to gobe ce.

Da wannan halin ya samu Dogo, babban dilan da Baba ke sarin kaya a wurinsa. Shekara ashirin da shida Dogo na ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. A da, in ya kai kuɗin a ƙunshe, Dogo bai taɓa kwancewa ba. Jefawa yake cikin aljihun tebur ya ce, "Tsoho, in na ƙirga kuɗinka ai na zage ka."

Bana, saura mako uku a koma makaranta, lokacin da teloli ke ɗinkin kayan 'yan makaranta, Dogo ya ware masa kwali shida na farin maɓalli da shuɗin zare. Sharaɗi ɗaya ne: ya biya na kayan baya kafin a ɗauko. Baba ya ce wa Dogo rabi yau, rabi gobe, ya zauna bayan kantar shagon ya tura rabin farko ta waya, kamar yadda 'yarsa Auta, malamar asibiti, ta koya masa. Sau ɗaya ya danna. Wayar ta yi ta juyi, sannan ta rubuto cewa turawar ba ta yi ba. Bai gama karantawa ba saƙo ya shigo: an cire kuɗin. Minti biyu, wani ya biyo: an sake cire daidai wannan adadin, rabin goben ma ya tafi. Dogo kuwa ko ɗaya bai gani ba.

"Kada ka damu, zai dawo da kansa," in ji Dogo a waya. "Kayanka na nan."

Kwana biyu, kashi ɗaya ya dawo asusun. Baba ya ciro shi ya kai wa Dogo, rabin bashin ke nan. Ɗaya kashin shiru.

Auta ce ta ce a rubuta wasiƙa. Ita ta riƙe biro a kan kantar shagon, shi yana faɗa, tana tace masa. Suka sa lambar asusu, ranar turawa da lokacinta, adadin kuɗin, sunan bankin da aka tura wa, da lambobin shaida guda biyu da suka zo a saƙonnin, kowace cira da tata. Suka haɗa da takardar bayanin asusu, aka ja layi ƙarƙashin cirar biyu da mayarwa ɗaya. Layin ƙarshe ne kawai ya hana ta taɓawa: "Ban zo neman alfarma ba. Akwai mutumin da na ce wa gobe, kuma goben ta wuce."

"Baba, kwafi biyu ne," ta ce. "Ka ba su ɗaya, su buga maka hatimi a ɗayan, da kwanan wata. Kuma ka karɓi lambar ƙorafi."

Ya yi murmushi. Yana da mutum a bankin. Ɗan amininsa marigayi ne, magidanci mai kusan arba'in da ke zaune a teburin sauraron masu asusu. Baba ne ya raka uban karɓo sakamakon jarrabawarsa, kuma tun ranar da ya fara aiki yake kiransa Manaja, ko da yake bai kai ba.

Manaja ya taso da kansa ya tsallakar da shi layi. "Kawu! Kai da kanka? Ai da kira kawai ka yi." Ya karɓi wasiƙar da hannu biyu, ya tambayi gwiwa, ya tambayi Auta. "Ka ɗauka an gama."

Kwafin na aljihun Baba. Ya taɓa shi, ya ji nauyin fito da shi. Yaya za ka ce wa ɗan da ka ɗauka a kafaɗa ya buga maka shaidar cewa ya karɓi takardarka? Ya bar shi a ninke ya fito.

Mako ɗaya. "Ana kan aiki, Kawu." Mako biyu. "Kwanakin aiki ake lissafawa, ban da ƙarshen mako." Teloli suka fara leƙowa suna tambayar farin maɓalli, suna wucewa gaba. Muryar Dogo ta fara gajarta a waya. Rana ta goma sha takwas ya ce, "Tsoho, kowa ya san banki kwana uku yake mayarwa. In wata hidima ka yi da kuɗin, faɗa min kawai. Ni ma mutum ne."

Ya kashe wayar. Washegari kwalayen shida suka tafi shagon wani.

Ranar da Baba ya koma bankin ya tarar Manaja ya fita cin abinci, sai wata ma'aikaciya mai tabarau ta duba masa. Ta daɗe tana kallon na'urar.

"Baba, babu ƙorafinka a nan. Abin da na gani, turawa ta gaza, an mayar da kuɗi, an rufe. Cira ta biyun babu wanda ya shigar da ita, kuma sai an shigar ake bin sawunta."

Manaja ya shigo yana goge hannu. Da ya ga fuskokinsu ya ja aljihun teburinsa. Wasiƙar na nan, ƙarƙashin cajar waya da kwalin magani, da ninkinta na ranar farko.

"Kawu, wallahi na duba a ranar, na ga an mayar, na ɗauka…"

"Ka karanta ta?"

Manaja ya ɗauke cajar daga kan wasiƙar.

"Da kake ce min ana kan aiki, wane aikin?"

"Ban so hankalinka ya tashi ba ne."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da kwafin, wanda gumi ya riga ya tausasa. Ya shimfiɗa shi a kan teburin, ya gyara gefensa da yatsa kamar mai auna yadi.

"Malam ma'aikaci," ya ce, "buga min hatimi. Ka sa kwanan wata na yau. Ka rubuta min lambar a sama."

"Haba, Kawu."

"Buga."

Ƙarar hatimin ba ta da yawa, amma har mai gadin ƙofa ya waiwayo.

Kwana tara bayan nan kuɗin ya dawo, da saƙo na layi ɗaya wanda babu ko sannu a cikinsa. Yara sun riga sun koma makaranta da maɓallan wani a ƙirjinsu. Baba bai sake yarda da waya ba. Ya ciro kuɗin ya ƙunshe, ya kai wa Dogo da ƙafarsa, tare da kwafin mai hatimi don ya gani da idonsa.

Dogo ya dubi takardar sama-sama. "Allah ya kyauta," ya ce. Ya sa aka kawo wa baƙo kujera da ruwa. Sannan ya kwance ƙunshin, ya lashi yatsa, ya fara ƙirgawa.

Baba ya zauna da kofin a hannu, bai sha ba, yana kallon takardun kuɗin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe.