Baba Shekari da Mutanen da Aka Kai Gida a Mota

Kafin ladanin ƙetaren gada ya gama kiran farko, Baba Shekari ya riga ya ɗora ruwan zafi, ya ɗaura wa matarsa Asabe na'urar awon jini a dantse. Haka yake yi kullum a gidansu na Narayi, cikin garin Kaduna, tun da hawan jini ya kayar da ita a bakin famfo. Yakan jira har na'urar ta gama huci, ya duba, ya miƙa mata ƙwayarta.

"Yaya dai, Baban Vicky?"

"Ya ɗan sauka."

"Kullum ya ɗan sauka. Da yana sauka kamar yadda kake faɗa, ai da yanzu ba ni da jini a jiki."

Shekari ba mutumin magana ba ne. Rayuwarsa ta aiki duk ya yi ta ne a wani ɗan ofis na tsare-tsaren lafiya, inda aikinsa shi ne ya faɗi yara nawa za su buƙaci rigakafi baɗi, gado nawa zai ishi wani gari nan da shekara goma. Ba likita ba ne, bai taɓa yi wa kowa allura ba. Amma idan ya yi kuskure, wata uwa za ta yi sammako ta koma gida da ɗanta ba a yi masa komai ba, kuma wannan ya sani sarai.

Tun ranar da ya ajiye aiki zuciyarsa ta koma gida, can kudancin jihar, ƙarƙashin duwatsu. Ba ya cewa yana kewa. Sai dai idan ruwan farko ya sauka yakan fita ƙofar gida ya shaƙi ƙasa, ya ce wannan ba ƙamshi ba ne, ƙamshin kwata ne. Idan aka kawo acca daga kasuwar Sabon Tasha, yakan murza ta a tafin hannu ya ce an cuci mai saye. Akwai ɗaki biyu da ya gina a filin mahaifinsa, an rufa, an sa ƙofa, ba wanda ya taɓa kwana ciki fiye da sati.

Asabe ba ta ƙi komawa ba. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Asibitin da yake da likita yana can hedikwatar ƙaramar hukuma, hanya kuwa ka san ta da damina. Ka kai ni in mutu a bayan babur? A gina asibiti, ni zan riga ka shiga mota."

Sai ga dama ta zo. Wata ƙungiyar mishan ta ce za ta gina asibitin kwanciya guda ɗaya, kuma za ta kai shi ƙaramar hukumar da jama'arta za su haura dubu ɗari uku nan da 2030. Ƙungiyar 'yan gida, wadda take zama ranar Lahadin farkon wata bayan sujada a wani ajin firamare a Kamazou, ta ɗora wa Shekari lissafin. Shugabanta, Wilfred, tsohon direban tanka ne mai faɗin murya da faɗin hannu, wanda ya kai gawar 'yan gida da yawa ƙauye da man motarsa.

Shekari ya tsaya gaban allon yara da alli a hannu.

"Ƙidaya biyu gare mu. Ta ƙarshen 1991 ta ba ƙaramar hukumarmu mutum dubu ɗari da ashirin. Ta farkon 2006 ta ba mu dubu ɗari da tamanin. Iyakarmu ba ta canja ba a tsakani, don haka ƙasa ɗaya ake aunawa. Tsakaninsu shekara goma sha huɗu da wata huɗu ne, ba sha biyar ba."

"Ƙarin rabi ke nan," in ji Wilfred. "Kashi hamsin. Raba shi da shekarun, mu tashi, miya na hucewa."

"Ciyaman, in na raba haka zan sami uku da rabi, kuma ya yi yawa. Mutane ba bulo ba ne da ake ɗora adadi ɗaya kowace shekara. Wanda aka haifa bana, gobe shi ma zai haifa. Ƙarin bana a kan jimlar bara yake hawa."

Ya raba ɗari da tamanin da ɗari da ashirin, ya rubuta 1.5. Ya ce abin nema shi ne lambar da in aka yi ta ninka jama'a da ita shekara bayan shekara, tsawon wancan lokaci, za ta kai ɗaya da rabi. Ya danna tsohuwar kalkuletarsa, ya rubuta 1.029.

"Wato kowane mutum ɗari, ana samun ƙarin kusan uku a shekara. Kashi biyu da ɗigo tara. Don sanin yaushe za mu ninka, dabarar masu lissafi ita ce a raba saba'in da wannan. Shekara ashirin da huɗu da 'yan watanni. Daga 2006, ya kai mu 2030. Dubu ɗari uku da sittin, in tafiyar ba ta canja ba."

Ajin ya ɗauki tafi. Wata mata ta fara waƙar godiya, saura suka amsa. Shekari ya kakkaɓe allin hannunsa, ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi kamar an sauke masa buhu. A hanyar gida har ya tsaya ya tambayi wani mai a-kori-kura ko yana zuwa kudu da kaya.

Bayan sati biyu aka yi rasuwa a gida, wani ƙanen mahaifinsa, ya tafi jana'iza. An cika maƙil kamar kullum, motoci har bakin rafi. Da yake ba ya gaggawa, ya ƙara kwana bayan kowa ya watse. A nan ya ga garin yadda yake. Gidan Zakariyya'u, abokinsa na ƙuruciya, da kwaɗo a ƙofa, ciyawa ta cinye tsakar gida. Na gaba da shi ma haka. A cocin da a da sai an kawo benci daga makaranta, tsofaffi ne da jikoki a layukan gaba, baya fayau. Ya tambayi wata tsohuwa mai shanya citta ina mutane.

"Kai za a tambaya. Ba suna wajenku ba?"

Ya zauna a dakalin ɗakinsa da ba a kwana a ciki, ya tuna watan ƙidayar 2006. Ba abin ɓoyewa ba ne, abin alfahari ne ma. Duk ɗan gida na ƙwarai ya tafi a ƙirga shi a garin ubansa. Daga Kaduna, daga Abuja, daga Jos da Legas, motoci suka yi ta sauke mutane. Shi da Asabe da yara huɗu an shafa musu tawada a yatsa a gindin mangwaron nan da yake kallo. Da aka gama suka koma Narayi, suka ci gaba da shan ruwan Narayi, suna haihuwa a asibitin Kaduna. A 1991 kuwa shi da yawancin sa'o'insa ba su riga sun bar gida ba.

A zama na gaba ya sake ɗaukar alli.

"Lissafin da na yi daidai ne. Lambar da na zuba masa ce take da baƙi a ciki, mu ne baƙin. Na zagaya unguwanni ina tambayar wa da wa aka ƙirga a kowane gida. Kusan duk mazauna biyar, akwai ɗaya da ya zo a mota. Kintace ne, ba ƙidaya ba, haka kuma zan rubuta. In an cire mu, saura dubu ɗari da hamsin."

Ya raba da ɗari da ashirin, ya sami 1.25. Ya danna kalkuleta. Kashi ɗaya da ɗigo shida a shekara. Saba'in a raba da shi, shekara arba'in da huɗu.

"Dubu ɗari uku sai wajen 2050. A 2030 ba za mu wuce dubu ɗari biyu da ashirin ba."

Ba wanda ya yi waƙa. Wilfred ya cire hula ya shafa kai.

"Baba Shekari, ni na yi hayar motocin nan, ka sani. Don gida na yi. Lambar gwamnati ce, da hatiminta. Wa ya aike ka zagaya unguwanni? Kai da ka fi kowa son komawa?"

"Ba wanda ya aike ni, Ciyaman."

"To ka ba su ta farko. Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma gadajen da za su sa, na mutanen da suke kwana a can ne. Wani gari ma yana jira, su kuwa wataƙila mutanensu suna ciki."

"In aka gina ai za mu koma."

"Wa da wa? Vicky ta ce mini ko da Kirsimeti kwana biyu ya ishe ta. Naka yaran fa?"

Wilfred ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Nawa ko yaren ba sa ji. Gaisuwa kawai, ita ma a karkace."

Aka yi ta ja har rana ta karkata. Daga ƙarshe Wilfred ya ce a aika duka biyun, tunda mai lissafin ya ƙi sa hannu a ɗaya ita kaɗai, Allah ya zaɓa. Bai yi fushi ba, har ya rage wa Shekari hanya zuwa mahaɗar Narayi, amma rediyo ya kunna duk tafiyar.

Amsa ta zo bayan damina. An kai asibitin wata ƙaramar hukuma. An gode wa ƙungiyar 'yan gida, an ce za a riƙa turo motar magani lokaci-lokaci.

Da ya faɗa wa Asabe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Da ka yi shiru da yanzu muna ɗaure kaya."

"Haka ne."

"Ni ma ina son in ga duwatsun nan da safe, kada ka ɗauka kai kaɗai ne." Ta ture tiren gefe. "Shekara arba'in da huɗu. Nawa za ka kai?"

"A 2050? Kusan casa'in."

"Da wannan gwiwar taka? Zo ka ci abinci."

Daga nan bai ƙara tambayar masu mota hanyar kudu ba. Yana zuwa taron 'yan gida, yana zama a baya. Narayi kuwa tana ta kumbura, inda ake noman masara bara, bana an kafa shago da coci.

Ganin ƙarshe da aka yi masa a Narayi kafin Vicky ta ɗauke su zuwa wajenta a Mahuta saboda ƙafarsa, wata safiyar Asabar ce. Wani direba ya kawo masa dashen kwakwar manja daga gida, a cikin leda, da ƙasarta ja. Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce, "Baba, wannan ai sai ta shekara huɗu ko biyar kafin ta ba da komai." Shekari ya ce ya sani. Ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya yage ledar a hankali don kada ƙasar ta zube, ya sa ta duka a ciki, ya danne da tafin hannu, ya tafi ɗebo ruwa.