Gwaiwar Baba

Ɗana na da wata uku a duniya lokacin da uwarsa ta kira ni wajen wanka ta nuna mini marainansa, ɓangaren dama ya cika fam kamar ƙwan agwagwa. Yaron kuwa sai wasa yake da ruwa. Ban ko karya ba muka bar Samaru sai asibitin Shika.

Likitar ta ja labule, ta kunna 'yar tocila ta kanga a bayan kumburin. Nan take wurin ya haske jajir. Ta ce ruwa ne kawai, shi ya sa haske ke ratsawa. Akwai wata 'yar hanya daga ciki da ba ta gama rufewa ba, yawanci kan rufe da kanta kafin shekara biyu. Kada a taɓa, sai in ya yi tauri ko yaron ya kama kuka da amai, mu garzayo.

Hankalina ya kwanta a kan yaron, ya tashi a kan Baba. Shekara huɗu ke nan mahaifina ya jingine kekensa, ya koma tafiya shagonsa na yadi a kasuwar Sabon Gari a ƙafa, yana wara ƙafafu cikin babbar riga. Duk gidan mun san gwaiwa ce, ba mai furtawa. Na tambayi likitar yadda abin yake ga manya.

"Na manya ba ya tafiya da kansa," in ji ta. "Aiki ne ƙarami. Amma kada ya yarda a zuƙe masa a kemis. Ruwan dawowa yake, kuma allura kan shigar da ƙwayar cuta."

To, ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, in zai ba ni saƙo gefe yake kallo. Mutumin da ko zancen abinci ba ma yi, ta ina zan fara masa maganar abin da ke cikin wandonsa? Sai na bi ta hannun amininsa, wani dattijo mai sayar da huluna a maƙwabcin shagonsa. Na durƙusa na zayyana masa komai, har sau biyu.

Ya yi dariya ya ce, "Ashe jika ya yi gadon kaka! Bar mini, yaro."

Na bar masa, kuma har yau ina jin haushin kaina. Dattijon ya ɗauki rabin saƙona ya zubar da rabi. Abin da ya riƙe shi ne ruwa ne kawai. Tun da ruwa ne, a ganinsa, me ya kai mutum mai mata biyu ƙarƙashin wuƙa? Ya ja Baba wajen wani mai kemis a bayan kasuwa, aka zuƙe da sirinji.

Ranar Juma'a sai ga Baba a gidana a kan keke, fuska fal annuri, yana tsokanar jariri wai ya riga shi warkewa. Na san abin da aka yi. Maimakon in gargaɗe shi, sai na ce masa sannu da hanya.

Kafin wata biyu ruwa ya dawo. Na koma wa dattijon, raina a ɓace.

"Baba, ba haka muka yi da kai ba."

"Kai, yaran boko! Ba ka ga ya hau keke ba? In ya cika a sake kwashewa, ai ko rijiya haka ake mata."

Aka sake kwashewa, aka kuma. Bayan na uku ne ƙanwata ta bugo mini waya ina aji ina koyarwa, ta ce Baba ya kwana biyu da zazzaɓi, ko zama ba ya iyawa. Gwaiwar da ta shekara huɗu ba ta taɓa yi masa ciwo ba, yanzu ko zani ba ya so ya goge ta.

A asibiti aka ce sai namiji ɗaya ya tsaya, kuma ni kaɗai ne a wurin. Baba ya juya fuska bango. Likita ya kanga tocila, na zuba ido ina jiran jan hasken nan. Babu komai, wurin ya tsaya duhu.

"Wannan ya zama mugunya," in ji likitan. "Wa ya soka masa allura?"

A ranar aka shiga da shi ɗakin tiyata, da suka fito suka ce ƙwan ɓangaren ya riga ya lalace, dole suka cire.

Kwana uku ina jinyarsa ba mu haɗa ido ba. A na huɗu ina zuba masa kunu, wata nas ta zo wanke ciwon tana faɗa, wai ai duk wanda ya taɓa zuwa nan an gargaɗe shi a kan allurar kemis. Na ce ni ma an faɗa mini, tun ranar da na kawo yarona.

Da ta fita, Baba ya juyo ya dube ni sosai, karon farko da zan iya tunawa.

"Ashe ka sani," ya ce. "Me ya hana ka faɗa mini?"

Na ƙarasa zuba kunun, na miƙa masa kofin.