Ranar Larabar da ban rage TTL ba

Laifin nawa ne, ba na Madam ba. Na san haka tun safiyar da abin ya faru, amma sai da na shafe kusan shekara kafin bakina ya iya faɗa.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofis da ke saman bene kusa da Terminus, muna kula wa mutane da shafukansu na intanet. Mu uku ne: Oga mai wurin, da ni, da Madam. Ita Madam 'yar ƙabilar Ibo ce, a Jos aka haife ta, kuma ita ce injiniyarmu ta gaske. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, a shagon buga takardu na koyi kwamfuta. Duk abin da na sani a kan saba, wato babbar kwamfutar da ake ajiye shafuka a cikinta, ita ta zaunar da ni ta koya mini.

Cikin waɗanda muke yi wa aiki akwai wata makarantar kuɗi a Bukuru, wadda malamanta ke shigar da makin jarrabawar ɗalibai a shafin da muka yi musu. Madam ce ta samo aikin, ita suka sani, ita suke kira. Sabar da shafin yake kai ta tsufa, kuma hayarta za ta ƙare ranar wata Lahadi, daga nan kamfanin da ya ba da ita zai goge duk abin da ke ciki. Sai Madam ta shirya komawa sabuwa ranar Asabar da safe.

Ran Litinin ta jawo kujera kusa da ni tana cin gyaɗa.

"Malam, saurara da kyau. In mutum ya rubuta sunan shafin nan, ina wayarsa take samun adireshin saba?"

"Wajen DNS, rajistar da ke haɗa sunan shafi da adireshinsa."

"Yauwa. In kamfanin layinsa ya tambaya ya samu amsa, ba ya sake tambaya sai lokacin da muka rubuta a TTL ya cika. Namu nawa ne?"

Na duba. "Dubu tamanin da shida da ɗari huɗu."

"Daƙiƙa ke nan, kwana ɗaya cur. Ran Laraba ka mayar da shi ɗari uku, minti biyar. Kar ka taɓa adireshi, TTL kawai. Kafin Asabar duk wanda ya riƙe tsohon na kwana ɗaya ya sake shi. In na canza adireshi, cikin minti biyar kowa ya biyo mu. Ka gane, ko in faɗa da Inyamuranci?"

Na yi dariya na ce na gane. Ni ke riƙe da kalmar sirrin wurin da ake gyara DNS, shi ya sa aikin ya faɗo kaina.

Ran Laraba aka yi sunan ɗan yayana a Katako. Na tafi da niyyar dawowa bayan azahar, ban dawo ba. Alhamis abin bai ko zo mini a rai ba. Ran Juma'a muna shirin tashi Madam ta ɗago kai.

"Alhajin Katako, ka rage mini abin nan?"

"Tun Laraba," na ce.

Ban san yadda maganar ta fita ba. Ita kuwa ta riga ta koma kan aikinta. Na ce a raina bari ta fita in yi. Oga ya aike ni karɓo batir, kafin in dawo ya kulle ofis, kalmar sirrin kuma tana cikin littafina a durowa.

Asabar na riga kowa zuwa. Ƙarfe shida da rabi na mayar da TTL ɗari uku. Na san sarai wannan bai gyara komai ba. Duk layin da ya tambayi adireshin jiya yana riƙe da tsohuwar amsa da wa'adinta na kwana ɗaya, ba zai ji labarin minti biyar ɗina ba sai ranarsa ta cika. Kuma jiya Juma'a malamai sun wuni a shafin.

Madam ta iso ƙarfe bakwai. Ta duba, ta ga ɗari uku, ta ce, "Ɗan gari!" An riga an gaya wa malamai kada kowa ya shigar da komai daga bakwai zuwa takwas. Ta kwafi bayanan ƙarshe zuwa sabuwar saba, ta gwada, sannan ta canza adireshin. Ina tsaye a bayanta. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne: yau na rage, ba Laraba ba. Da na faɗa, da ta rufe tsohuwar saba yadda ba wanda zai iya rubuta komai a ciki, ko ta jira zuwa gobe da safe. Ba ta rufe ba, don a lissafinta awa guda ta ishi minti biyar har da ragi. Na yi shiru don kada ta san na yi mata ƙarya.

Ƙarfe takwas ya wuce ta ga maki suna shigowa sabuwar saba. Na malaman da ke amfani da wayoyinsu ne a wani layin. Ta rufe kwamfuta, ta saya mana masa. Na ci.

A ɗakin malamai kuwa, intanet ɗin makarantar yana nan riƙe da tsohon adireshi har bayan azahar. Shafin iri ɗaya ne, ba yadda za su gane. Suka wuni suna zuba maki a tsohuwar saba. Lahadi aka goge ta.

Litinin shugabar makarantar ta kira. Ina jin muryarta daga inda nake zaune. Makin azuzuwa da yawa babu, ranar Laraba kuma iyaye za su zo karɓar sakamako. Madam ta shiga motar Bukuru nan take. Kwana huɗu tana zama da malamai suna sake shigarwa daga takardu. Wani malamin ya riga ya raba wa ɗalibai takardunsu, sai da aka bi gida-gida. Aka ɗaga ranar sakamako da mako guda.

Da ta dawo ta ce wa Oga, "Laifina ne, ban rufe tsohon ba. Amma na rasa yadda layinsu ya ƙi bin TTL." Ta juyo ta tambaye ni, "Laraba ka ce, ko?" Na gyaɗa kai.

Shugabar ta ce ba ta son sake ganin Madam a aikinsu. Oga ya karɓe makarantar daga hannunta ya ba ni. Ni ɗin nan. Daga nan ya riƙa duba duk abin da ta taɓa, yana tambayarta a gaban baƙi ko ta tabbata. Wata biyu ta jure, sannan ta ajiye aiki.

Na yi ƙaurar saba sau biyu bayan tafiyarta, yadda ta koya mini, ba a samu matsala ba. Oga yana yabona, ni kuwa ba na iya kallon kujerarta.

Sai da azumi ya zagayo na fara gaya wa Oga gaskiyar abin da ya faru. Washegari na nemi inda take. Ta buɗe ɗan shagon gyaran kwamfuta a bayan kasuwar Bukuru. Na same ta da sukuddireba a hannu.

"A'a, Alhajin Katako! Ɓatan hanya ka yi?"

Ta turo mini benci da ƙafa. Ban zauna ba.

"Madam, ban rage TTL ran Laraba ba. Asabar da safe na rage, minti talatin kafin ki zo. Kin tambaye ni sau biyu, sau biyu na yi miki ƙarya. Lissafinki daidai yake, layinsu ma bai yi laifi ba. Na gaya wa Oga jiya, daga nan kuma makarantar zan je in faɗa wa shugabar da bakina. Na san wannan ba zai dawo miki da abin da kika rasa ba. Na cuce ki, Madam. Don Allah ki yafe mini."