Wasulan da Yayana Ya Ɗora a Sama

A shekarar da aka karɓi mulkin kai aka ce za a buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyenmu, can wajen Kaoje, kuma malami ɗaya ake so. Mu biyu muka nema, ni da ɗan kawuna, wanda nake kira yaya. Ya girme ni da shekara takwas. Fataucin busasshen kifi yake yi zuwa Dahome, ya gaji da hanyar, yana son ya zauna kusa da iyalinsa.

Boko da girma ya koye shi, a ajin manya, amma ajami tun yana ƙarami yake karanta shi ko babu wasali ko ɗaya. Malamin ajin nasu yana da wani wasa: ya rubuta baƙaƙe zalla a allo, kamar shnkf, ya ce wa zai faɗi kalmar. Kafin ya ajiye alli yaya ya ce shinkafa. Da ya dawo gida sai ya kawo mana wasan bakin kogi, yana zana baƙaƙen a kan yashi. Shi ya koya mini in fara da ƙananan kalmomi, domin y tsaye ita kaɗai yawanci tana nufin ya, d kuma da. Ya ce in tuna kalmar Hausa ta fi ƙarewa da wasali, kuma in ta ƙi fitowa in gwada wasali a farkonta, kamar bnc da ke zama abinci. In baƙaƙen sun ɗauki kalma biyu, maƙwabtansu za su raba gardama. Ni da na yi shekara biyu a elementare ina hura hanci, sai ga mai kifi yana ka da ni kullum, kuma ba na jin daɗin haka.

Ranar jarrabawa muka je Bagudo, aka zaunar da mu a benci ɗaya. Mai jarrabawar daga lardi ya zo, da farar riga da agogo. Bayan karatu da lissafi ya raba takarda mai jimloli goma, baƙaƙen a manne da juna, ya ce a cika wasali, bai ƙara komai ba. Ni na san abin da ake nufi a makaranta: a sake rubuta jimlar cikakkiya a layin ƙasa. Na fara da rw y c gn, na rubuta ruwa ya ci gona, sannan na saci kallon takardar yaya.

Ya riga ya kai ta shida. Sai dai bai taɓa layin ƙasa ba. Yana ɗora a da u da o a kan baƙaƙen, yana rataye i da e a ƙarƙashinsu, 'yan ƙanana tsaf, yadda ake yi wa ajami. A wurinsa nan ne mazaunin wasali idan ba a bar masa fili ba, haka kuma yake yi a kan yashi. Gwiwar hannuna tana gogar tasa. Taɓawa ɗaya da nuni da yatsa sun isa su ankarar da shi. Na mayar da kaina kan takardata, na ci gaba da fama da ta biyu.

Bakwai na samu. Yaya kuwa aka ja wa tasa jan layi daga sama har ƙasa. Ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ranka shi daɗe, duk na cika su. Bari in karanta maka, ko guda ban ɓata ba." Mutumin bai ko ɗaga takardar ba, ya ce shi boko ya zo dubawa, wanda bai san inda wasali ke zama ba ina zai koya wa wani. Har yau ina jin haushin mutumin nan, da agogonsa da yake ta dubawa kamar mu muka tsare shi. Amma shi bai san yaya ba, ni na san shi.

Aka ba ni ajin. A kwalekwalen komawa, da muka kusa gaɓa, yaya ya juyo ya ce, "Ƙanena, kusa gare ni kake. Ba ka ga abin da nika yi ba?"

Na ce ban gani ba, kaina na kan tawa takardar.

Ya gyaɗa kai, ya ce ai gara da ya zama ɗan gida ya samu, ya sa mini albarka. Bayan kwana uku ya ɗaure kwandunan kifinsa ya koma hanyar Dahome, kuma ita ya bi har ƙafafunsa suka gaza. Da ya zarge ni ko sau ɗaya, da na sami abin da zan yi gardama da shi. Bai taɓa yi ba, har ya rasu yana gaya wa mutane cewa ƙanensa ya fi shi kai.