Fentin Baba

Baba ba mahaifina ba ne. Shi ne ubangidana a kasuwa, mutumin da na tashi a kantinsa na kayan gini a nan Damagaram, ina share ƙura ina auna ƙusa. Da na yi aure ya sallame ni da jari, ya nema mini rumfa, ya ce in je in nemi nawa. Tun daga ranar ban taɓa sayen fenti ko ƙusa ko kwaɗo a hannun wani ba. Siminti da ƙarfe da kwano, waɗannan nakan ɗauko daga manyan diloli, amma ƙananan kaya na Baba ne. Ba a rubuta ko'ina ba, haka dai ake yi.

Allah ya buɗa mini, shi kuma tsufa ya cim masa. Masu saye suka watse, ƴaƴansa suka bi aikin albashi. Kowa a layinmu ya san abin da nake ɗauka wurinsa shi ke riƙe da kantin, kantin kuma shi ke riƙe da tukunyar gidansa.

Sai wata shekara aka yi ta gina azuzuwa wajen Gouna da Droum, masu kwangila suka yi ta kwasar siminti a wurina. Ina murna, ashe ina taka wani layi ne da ban san da shi ba. Can baya lanhona, wato harajina, guda ne, na ƙananan ƴan kasuwa, in biya fatanti, kuɗin izinin kasuwanci, in huta. Da aka kira ni ofishin lanho, ma'aikacin ya ce cinikina na shekara ya haura adadin da doka ta yanka, don haka na fita daga sahun ƙanana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ribar siminti fa ba ta taka kara ta karya ba."

Ya ce, "Alhaji, ba riba muke dubawa ba. Duk abin da ka sayar, jimlarsa."

Ya zayyana mini abin da ya hau kaina. Za a canza mini rajista a kan lambata ta lanho. Zan ɗora TVA, harajin da mai saye ke biya, sha tara bisa ɗari, a kan kayan da nake sayarwa, in ba kowane mai saye faktir, takardar shaidar ciniki, daga na'urar da suka amince da ita. Zan riƙe lissafi na gaske, in kawo bayani kafin ranar da aka yanka, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, in na makara akwai tara. Ya ƙara da abin da ya kira sauƙi: TVA ɗin da na biya wajen sayo kaya za a cire mini daga wanda na karɓa, in zuba saura kawai. Sharaɗi ɗaya ne, sai da faktir na ƙa'ida daga wanda shi ma yake karɓar TVA.

Maƙwabtana suka ce ni sakarai ne, wai da ma na raba kantin biyu, rabi da sunan ƙanena, don kada in haura layin. Na san masu yi, na kuma san yadda suke zufa in baƙon ido ya tsaya ƙofar kanti. Ban yi ba. Na ɗauki kwantabul mai riƙe mini lissafi, wata mata mai gilashi da ke zuwa ranar Alhamis, mai kirki amma bakinta ba linzami.

Ita ta nuna mini inda ciwon yake. Gwangwanin fentin da dila ke sayarwa jika goma, wato sefa dubu goma, da TVA ya kusa sha biyu. In ni na saya kai tsaye, waccan kusan jika biyun za ta dawo mini. In Baba ya saya, shi da yake ƙasa da layin, ba a mayar masa, ba shi kuma da ikon rubuta mini TVA a takarda. Sai harajin ya narke cikin farashinsa, in saya da shi, in sake ɗora sha tara a kai. Fentin Baba ya zama fenti mafi tsada a Damagaram, alhali tsohon bai ƙara ko dala ba.

Ta ce in bar saye a wurinsa. Na ce ta yi lissafinta ta bar mini Baba.

Na ci gaba da zuwa. In ɗauki fenti a wurinsa, in sayar a farashin kasuwa, in cire harajin daga aljihuna. Kowane gwangwani da asara yake fita, ribar simintin tana rufewa. Ban gaya masa ba, don na san halinsa. Mutum ne da ko goro ka ba shi sai ya nemi abin da zai mayar maka. Raina yana ɓaci duk sanda na zauna da takardun nan, amma da safe in na gan shi yana buɗe kanti da hularsa a karkace sai in ji ya wuce.

Wata Alhamis ya biyo ta kantina, abin da bai saba ba, ya zauna kan benci ana kawo masa shayi. Kwantabul ta shigo da takardu. Ba ta taɓa ganinsa ba. Tun daga ƙofa ta fara:

"Alhaji, don Allah wane ne wannan tsohon mai fenti? Watanni ke nan kana saye kana faɗuwa. In sadaka kake masa, ka ba shi a hannu, ya fi maka arha."

Na yi mata ido, ba ta gani ba. Baba ya aje kofin a hankali. Ya ce, "Ƴata, zo ki yi mini bayani." Ta yi masa, tsaf, da gwangwani guda a kan tebur. Bai san faransanci ba, amma ya shekara yana ciniki tun ba a haife ta ba, sau ɗaya ya ji ya gane.

Ya dube ni. "Gaskiya ne?"

Na ce, "Baba, ba wani abu ba ne, simintin..."

Ya ce, "Gaskiya ne na tambaye ka."

Na ce gaskiya ne.

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Na sallame ka ka yi kasuwa, ban sallame ka ka ciyar da ni a ɓoye ba. Ashe duk wannan lokacin ina ƙirga kuɗi ina cewa ciniki na yi."

Washegari na je kantinsa da kurar ɗaukar kaya kamar kullum. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce babu fenti. Ga gwangwanaye nan jere a bayansa har rufi. Na roƙe shi, na kai masa limamin unguwa, na ce to in ɗauke shi ya zauna mini a kanti da albashi. Wannan ma ya fi ɓata masa rai. Kafin damina ya karyar da kayan ga wani, ya mayar da makulli, ya koma gonar gadonsu a Droum.

Har yau ina jin haushi, kuma ban san wa zan kama ba. Ma'aikacin dokarsa ya karanta. Matar gaskiya ta faɗa. Ni kuma an ce na girma, ga lamba, ga na'ura mai fitar da takarda, amma girman bai iya sayen gwangwani ɗaya a hannun wanda ya koya mini awo ba.

Yanzu fentina daga dila yake zuwa, da faktir mai kyau, ana cire mini harajina daidai. Nakan je Droum gaishe shi. In na kai masa shinkafa yana karɓa, amma kafin in tada mota sai in tarar an saka mini damin gero a baya, kuma kullum sai ya fi abin da na kawo.