Takardar da Hajiya ta ƙi sa wa hannu

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a sito na Hajiya, bakin babbar kasuwar Malanville, ba wanda ya taɓa tambayata sunan aikina sai da ɗiyata ta samu ciki a ƙasar Faransa. Karatu ya kai ta can, ta yi aure, ga cikin fari ya tsufa. A gidanmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta. Ita ba ta iya zuwa, likita ya hana ta hawa jirgi, don haka ni ce zan tahi. In ban samu biza ba, yarinyar nan za ta haihu ba mai dafa mata ruwan wanka, kuma wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Ta aiko mini jerin takardun da ake so, ta kama mini ranar kai su ofishin biza a Kwatanu. Fasfo ina da shi, takardar masauki ta iso, takardun albashi na wata uku suna hannuna, inshora an biya. Saura guda, takardar shaidar aiki daga wurin uwargijiyata.

Hajiya dillaliyar albasa da shinkafa ce, daga Garou da Madécali ake kawo mata kaya, motocinta na ƙetare gadar kogi zuwa Gaya. Ba ta yi lakkol ba, wato boko, amma ba a haifi ɗan duwan, ma'aikacin kwastan, da zai ruɗe ta ba. Da na gaya mata, sai ta buga cinya.

"Wannan ne abin damuwa? Ƙanwata, kira mini Malam yanzu!"

Malam tsohon malamin lakkol ne da ya yi ritaya ya buɗe rumfar buga takardu kusa da tasha. Ya zo da injin rubutu a ƙarƙashin hammata, ya zauna bisa buhun shinkafa. Hajiya ta gyara zama ta shiga zuba. Wai a rubuta ban taɓa cin ko dala ɗaya tata ba, ba na fashin salla, na iya miyar kifi, kuma na yi jinyar mahaifiyarta har ta cika. Wallahi kunya ta kama ni, daɗi ma ya kama ni, don ban taɓa jin ta yabe ni gaban mutum ba. Ni da na saba da "ke dai kin cika faɗa".

Malam ya bari ta gama, sannan ya cire tabarau.

"Hajiya, duk wannan gaskiya ne, amma ba shi suke nema ba. Ba aurenta za su yi ba."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Takardar za ta fito da sunan kamfaninta a sama, da adireshi, da lambar rajistar kasuwanci da ta haraji, da lambar wayar da za a same ta in an kira. Sai cikakken sunana daidai yadda yake a fasfo, da aikin da nake yi, da ranar da na fara, da ko aikin na dindindin ne, da albashina, da ranar da hutuna zai fara da ranar da zai ƙare. A ƙasa kwanan wata, sunanta, matsayinta, sa hannu da hatimi.

Ranar fara aiki ta ba mu dariya. Hajiya ta ce shekarar da ruwa ya ci gonakin shinkafa. Malam ya ce wace daga ciki? Sai da na koma gida bisa kabu-kabu na ɗauko katin asusun ma'aikata da ta yi mini tun lokacin, aka ga ranar a rubuce. Albashi kuwa ta faɗa ƙasa-ƙasa tana duban ƙofa, dala dubu talatin. Malam ya mai da shi faran dubu ɗari da hamsin, tunda dala guda faran biyar ce, ya gwada da takardun albashina ya ga sun yi daidai, don ya ce in suka saɓa, shi ke nan an ƙi.

"To mi ne aikinta?" in ji Malam.

Hajiya ta dube shi kamar ya tambayi sunan kogin. "Aikinta? Komi! Makulli na hannunta, ita ka sallamar direbobi, ita ka faɗa da 'yan dako. In ba ta nan sito bai buɗuwa."

"Shugabar sito ke nan."

"Rubuta haka nan."

Na sunkuyar da kai ina murmushi. Ashe ni shugaba ce, shekara da shekaru, ban sani ba!

Da Malam ya karanto mata duka da Hausa, ya kai inda aka ce zan dawo in kama aiki ranar kaza, sai Hajiya ta janye hannunta daga alƙalami.

"A'a. Wannan ban sa mishi hannu."

Jibi ne ranar kai takardu, motar Kwatanu kuwa wuni guda cur take yi a hanya.

"Hajiya, don Allah! Kina zaton gudu zan yi?"

"Ke, rufe mini baki. Ni na san gobe? Ni ka riƙe da ranki? In sa hannu in ce wance za ta dawo ran kaza, sai ka ce ni ka juya kwanaki? A sa in sha Allahu."

Malam ya ce takardar hukuma ba a sa mata haka. Ita ta ce to ba ta sa hannu. Ni kuwa zuciyata ta hau, na ce shekara goma sha tara ban taɓa roƙonta komi ba sai yau. Ta ce ai shi ya sa ba za ta fara yi mini ƙarya yau ba. Muka yi cirko-cirko, 'yan dako sun tsaya da buhu a ka suna kallo.

Malam ne ya raba mu. Ya ce, "Hajiya, hutun nan wa ya ba ta?"

"Ni."

"Daga ran kaza zuwa ran kaza?"

"Ƙwarai."

"Wurinta fa, za ki ba wata?"

"Wa? Ko shekara ta yi, makullinta na jiran ta!"

"To shi za mu rubuta. Kin ba ta hutu daga nan zuwa nan da albashinta, aikinta na nan yana jiran ta a ƙarshen hutun. Wannan a hannunki yake."

Malam ya gyara, ya sake karanto wa Hajiya. Ta ce wannan kam gaskiya ce. Malam ya je rumfa ya fitar da takardar, Hajiya ta sa hannu a hankali, harshe waje, ta hura wa hatimi iska ta danna shi da ƙarfinta duka. In sha Allahun kuma ta faɗe shi da baki, har sau uku.

Na kai takardu, aka ɗauki hoton yatsuna, na dawo na zauna jira. Mako biyu ina zabura duk sanda waya ta yi ƙara. Ranar da fasfo ya dawo na kasa buɗe shi, sai Hajiya ta fizge. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga hotona manne a shafi, ta rangaɗa guɗa har masu tumatir suka taho a guje. Ranar ba wanda na yi wa faɗa.

Na sauka Faransa saura kwana biyar ɗiyata ta haihu. A asibitin, ungozoma ta naɗe jaririyar ta juyo tana neman wanda za ta miƙa wa. Ɗiyata ta ɗago kai da ƙyar, ta nuna ni.

"Ki ba Inna," ta ce. "Don wannan ta zo."